Ranar da Aka Kawo Wuta da Wuri

Ranar Laraba Ndanusa ya shigo gida da takardun sanarwar a naɗe cikin aljihun kakinsa, gumi ya jiƙa gefensu. Ya zaro ɗaya ya miƙa wa matarsa Rahmatu, ya ce ta karanta, tunda kullum tana yi masa gorin cewa ita ta gama firamare da lambar yabo. Ndanusa mutumin Bida ne, shekararsa goma sha ɗaya yana hawan falwaya a ma'aikatar lantarki ta Minna. Rahmatu kuwa jikar ma'aikatan jirgin ƙasa ce, kuma ita ke sayar da ƙanƙara da zoɓo a layinsu na Dutsen Kura. Ta goge hannu a zani ta karɓa, ta karanta ɓangaren Hausar da ƙarfi.

"Ana sanar da mazauna Dutsen Kura cewa za a ɗauke wuta ranar Asabar daga ƙarfe takwas na safe, domin sauya falwayoyin katako da na kankare da kuma ja sabuwar waya. Ana sa ran maido da wuta da ƙarfe huɗu na yamma. A cire firji da sauran kayan wuta daga soket. Duk mai janareta kada ya tayar da shi sai ya kashe babban makunnin da ke jikin mitarsa, domin akwai ma'aikata a kan layi."

Ta ɗago ta harare shi. "A cikin azumi? Saura kwana tara Sallah? Baban Sharifa, ku dai ba ku da tausayi. Ƙanƙarata fa?"

"Kada ki buɗe firizar, za ta kai yamma," in ji shi. Ya zauna yana kwance igiyar takalmi. "Ni ba ƙanƙararki ce damuwata ba. Layin ƙarshen nan nake so kowa ya ji."

Ba yau ya fara yi mata wannan karatu ba, har ta haddace. Waya ba ta san gaba da baya ba. In mutum ya jona janareta a bangon ɗakinsa bai kashe babban makunni ba, wutar ba ta tsayawa a gidansa. Ta cikin mita za ta fita, ta hau wayar titi, ta je ta sami wanda ke kan falwaya yana riƙe da ita da hannu, shi kuwa ya sakankance an cire fis ɗin taransifoma, ba wuta a layin. Rahmatu takan ce masa ta ji, ya bar ta ta ci abinci.

Takarda ɗaya aka manna a falwayar bakin layi, ɗaya a ƙofar mai unguwa, ɗaya kuma aka ba Malam Sanda ladan ya karanta a lasifikar masallaci. Malam Sanda mutumin kirki ne, amma ba ya son dogon zance, ko wa'azi aka ja yakan fara gyaran murya. Ranar Alhamis bayan la'asar Rahmatu tana ɗaura zoɓo a leda ta ji muryarsa.

"Jama'a, 'yan lantarki sun ce jibi Asabar ba wuta daga takwas zuwa huɗu. Masu firji a cire. Sauran bayanin na ofis ne. Allah ya ba mu haƙuri."

Dariya ta yi. Ta lura sarai ya tsallake layin ƙarshe, har ta ce a ranta za ta gaya wa Ndanusa in ya dawo. Amma wa ke da janareta a layinsu? Layin da ko talabijin guda uku ne? Ana shan ruwa masu sayen ƙanƙara suka cika ƙofar gida, maganar ta bi ta bayan kunnenta.

Asabar da safe, bakwai da rabi, motar ma'aikata ta tsaya a ƙofar gida. Jonah ne ya leƙo da kai, abokin hawan Ndanusa, dogo mai wushirya, wanda ke zaune da matarsa Margaret a Tudun Fulani. Shekara takwas suna tare, ɗaya na sama ɗaya na riƙe da tsani. Margaret ce ta kwana da Rahmatu a asibiti ranar da aka haifi Sharifa, kuma duk Kirsimeti sai kwanon shinkafa ya zo gidan.

"Madam!" Jonah ya ɗaga murya da Hausarsa ta ɗan koyo. "Ka ajiye mini ƙanƙara babba. Yau rana zai kashe mutum."

"Kai da ba ka azumi, me za ka yi da ƙanƙara?"

"Ina taya maigidanka jin ƙishi ne."

Suka tafi suna dariya. Takwas da 'yan mintuna fanka ta yi juyinta na ƙarshe ta tsaya. Rahmatu ta cire filogin firiza, ta lulluɓe ta da buhuna da tsohon bargo. Ta bar makunnin ƙwan falo a kunne, yadda kowa ke yi, don a san lokacin da aka kawo. Sharifa da ƙaninta suna gidan kakarsu tun jiya, gidan ya yi tsit. Can ƙasan layi tana jiyo muryoyin maza suna ba juna baki wajen ɗaga falwaya.

Wajen sha ɗaya da rabi tana zaune a bakin ƙofar falo tana tsintar shinkafa, sai ta ji wata mata a maƙwabta ta yi guɗa.

"An kawo wuta! Yau 'yan lantarki sun yi abin kai!"

Wani gida ma aka amsa da shewa. Rahmatu ta juya ta kalli silin. Ƙwan yana ci. Ba irin cin da ta sani ba, wani ja ne mara ƙarfi kamar garwashin da ya kusa mutuwa, yana ɗagowa yana komawa. Farantin shinkafar ya zame daga cinyarta.

Takardar ta ce ƙarfe huɗu. Kuma ba a maido da wuta sai shugaban aiki ya ƙirga mutanensa a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya mayar da fis ɗin da ya cire da hannunsa. Minti biyar da suka wuce tana jin ƙarar guduma a kan ƙarfe daga sama. Wannan wutar ba daga taransifoma ta zo ba. Ta kasa kunne, sai ta jiyo shi, can ta bayan masallaci, wani ƙaramin inji yana tatata yana shaƙewa kamar an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa.

Ba ta san lokacin da ta fito ba. Mayafi a hannu, ƙafa ɗaya da silifa ɗaya babu. A bakin ƙofa ta tsaya daƙiƙa guda, domin hanya biyu ce. Dama ta nufi inda mijinta yake, hagu ta nufi ƙarar injin. Duk jikinta dama yake so. Ta yi hagu.

Tana gudu tana ƙwala kira, "Wa ya tayar da janareta? Wa ya tayar?" Matan da ke leƙowa suna ta murna suka bi ta da kallo. Wata ta ce ko gobara ce. Lungun bayan masallaci ya ruɗe ta, ƙarar tana dukan bango tana dawowa, ta shiga wani gida ta tarar da injin niƙa a kashe, ta fito da baya. Sai ta hango hayaƙi shuɗi yana tashi a ƙofar shagon Mudi tela.

Mudi ba mugu ba ne, kowa zai shaida. Tela ne mai hannu, kuma duk shekara yakan karɓi ɗinkin Sallah fiye da abin da mutum uku za su iya, sannan ya yi ta rantsuwa. Bana ya sayi keken surfani mai aiki da wuta. Da ya ji za a yi awa takwas ba wuta, sai ya je Maikunkele ya aro ƙaramin janareta wurin surukinsa. Ya sami waya ya sa mata filogi a kowane baki, ɗaya a injin, ɗaya a soket ɗin bango, don keke da fanka da ƙwai duk su samu. Yana zaune yana zagin keken saboda ba ya gudu yadda ya kamata, wani mai babbar riga na tsaye a kansa yana jira.

Rahmatu ba ta yi sallama ba. Ta durƙusa gaban injin tana lalube, ta ga wani jan maɓalli ta murɗa. Injin ya yi tari biyu ya mutu.

"Kai! Kai! Maman Sharifa, lafiya?" Mudi ya fito da almakashi a hannu.

"Ka kashe babban makunni? Malam Mudi, ka kashe na jikin mita?"

"Wane makunni? Mita tana zauren mai gida, ya kulle ya tafi Kontagora. Me ya haɗa mita da injina?"

"Wutarka ta hau layi! Tana gidana, tana gidan kowa! Mutane na kan falwaya!"

Mudi ya dubi mai babbar riga, mai babbar riga ya dube shi. "Haba, Maman Sharifa. Wannan ɗan abin? Ko kekena bai iya ja da kyau ba, shi zai kai wuta falwaya?"

"Don Allah kada ka tayar. Don girman Allah. Ina zuwa."

Ta juya da gudu. Da ta tsaya ta fizge wayar nan ta tafi da ita, da an huta, amma wanda tsoro ya kama ba ya lissafi. Ita dai ta kashe, yanzu mijinta take son gani.

Tun daga nesa ta san an makara. Ba ƙarar guduma, ba muryoyin masu ɗaga falwaya. Mutane sun yi cirko-cirko a tsakiyar layi, kowa ya ɗaga kai sama. Ta bi idanunsu. A saman sabuwar falwayar kankare mutum na rataye da bel ɗinsa, bayansa ya lanƙwashe, kansa ya faɗa baya, hannuwansa na lilo. Kaki ne a jikinsa, irin kakin da ta goge jiya da dare. Rana tana bayansa, ba ta ganin fuska.

Ta ji bakinta yana kiran sunan da ba ta taɓa kira a gaban mutane ba. "Ndanusa! Ndanusa!"

"Ga ni nan."

Yana gindin tsani, ƙafa ɗaya a matakin farko, maza biyu sun riƙe shi ta baya. Fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka. Rahmatu ta dube shi, ta sake duban sama. Dogayen ƙafafun nan na Jonah ne.

Shugaban aikin, wani mai suna Charles, yana ta ɗaga jakar da ke hannunsa yana ihu da Hausarsa ta kasuwa. "Fis yana nan! Duka uku yana hannuna! Daga ina wuta ya zo? Ba wanda zai hau sai mun san daga ina ya zo!" Wayar kariyar da suke maƙalawa don ta zubar da wuta a ƙasa tana can wajen taransifoma, inda suka sa ta da safe. Da suka yanke tsohuwar waya a tsakiya, wannan ɓangaren layin ya rabu da ita. An tura direba ya ɗauko, amma tafiya ce.

"Janareta ne," in ji Rahmatu. "Na Mudi tela. Na kashe."

Ndanusa ya juyo gaba ɗaya. "Kin kashe?"

"Da hannuna."

"Kin tabbata, Rahmatu?"

"Na tabbata."

Bai ƙara tambaya ba. Ya fizge jikinsa daga masu riƙe shi, ya zura safar roba, ya rataya igiya a kafaɗa, ya fara hawa. Charles bai hana shi ba. Kowa ya san mutumin da wuta ta buga ba ya jiran direba.

Rahmatu tana ƙirga matakan da idonta. Ya wuce rabi. Ya kai inda ƙafafun Jonah suke. Ya zagaya bel ɗinsa a jikin falwaya, ya ɗaga kai tsakanin wayoyin nan huɗu, kafaɗarsa da ta jiƙe da gumi tana gogar ta ƙasa. Safa hannu kawai take rufewa. A kan maganarta ya hau, ba a kan komai ba.

Sai ta ji shi. Daga bayan masallaci, ƙarar igiya da aka ja, injin ya yi gurr ya yi shiru.

Ba wanda ya lura sai ita. Ta so ta yi ihu ta ce ya sauko, amma ya riga ya rungumo Jonah da hannu ɗaya yana ɗaura masa igiya, in ya firgita su biyu za su faɗo. Aka sake ja. Gurr.

Yadda ta koma shagon nan, har yau ba ta iya faɗa. Ta san dai ɗaya silifar ma ta tafi, ta san ta bangaje wata tsohuwa ba ta waiwaya ba. Tana shan kwanar masallaci aka ja na uku, injin ya kama. Tatatata. Tana ganin Mudi a sunkuye, mai babbar riga yana cewa yauwa. Tsakaninta da su bai fi taku ashirin ba, kuma a duk taku ɗaya tana ganin kafaɗar nan a jikin waya.

Ta faɗa kan injin da dukkan jikinta. Bututun hayaƙin ya ƙone ta a damtse, ba ta ji ba sai daga baya. Ta murɗe jan maɓallin, ta fizge wayar daga injin, ta miƙe ta shiga shagon ta fizge ɗaya bakin daga bango. Sannan ta dawo ta zauna daram a kan janaretan, ta naɗe wayar a hannunta.

"Maman Sharifa, wai me..."

"Jonah yana rataye a sama." Ba ta ɗaga murya ba, numfashin ma babu. "Baban Sharifa ya hau ɗauko shi. Na ce masa na kashe. Ka tayar."

Almakashin ya faɗi daga hannun Mudi. Mai babbar riga ya ja da baya, ya ja da baya, ya bi lungu, ba a sake ganinsa ba.

"Wallahi ban sani ba," in ji Mudi. "Wallahi tallahi. Malam Sanda cewa ya yi masu firji a cire. Ni ban ji an ce... Na ɗauka ruɗewa kika yi." Ya dafa bango. "Daƙiƙa nawa ya yi? Bai daɗe ba ai. Ko ya daɗe?"

Ita ma abin da take tambayar kanta ke nan. Biyar? Goma? Ndanusa ya taɓa ce mata ɗaya ma ta isa.

"Je ka gani," ta ce.

"Ke ki je, mijinki ne. Na rantse ba zan taɓa shi ba."

"Ka rantse ɗazu ma da idonka. Je ka gani."

Gaskiyar magana, ko da ta yarda da shi, ba za ta iya zuwa ba. Tana tsoron ta sha kwanar nan ta ɗaga kai. Muddin tana zaune a nan, ba a gaya mata komai ba tukuna.

Mudi ya tafi yana haɗa hanya. Ta zauna ita kaɗai a rana, ƙarfen injin yana gasa ta ta cikin zani. Ta jiyo hayaniya ta tashi can ƙasa, ta jiyo mota ta tashi da ƙarfi tana hon har ƙarar ta ɓace. Ta fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, tana kamo wannan tana sakin waccan. A tsakiyar addu'ar maganar ranar Alhamis ta dawo mata. Ta ji an tsallake layin, da kunnenta, ta yi dariya. Taku nawa ne daga gidanta zuwa masallaci?

Mudi ya dawo, hularsa a hannu.

"Sun tafi asibiti. An ce sun daɗe suna danna masa ƙirji a ƙasa, suna hura masa iska a baki."

"Wa?"

"Jonah."

"Baban Sharifa fa?"

Mudi ya ce, "Wani ya ce shi ne ma yake dannawar. Wata kuma ta ce mutum biyu aka ɗauka aka sa a mota. Ban sani ba, Maman Sharifa. Kowa da abin da yake faɗa. Da na tambayi Charles, sai ya tambaye ni ko ni ne telan. Na gudo."

Ya zauna a dakalin shagon, nesa da ita kaɗan, ya sa kai a gwiwa. Mata suka fara taruwa. Wata ta kawo mata silifa, wata ta yafa mata mayafin da ta yar a hanya, wata ta ga damtsen ta yi salati ta tafi neman man shafawa. Suka ce ta tashi a raka ta asibiti. Ta girgiza kai. Sauran ma'aikatan suna nan, dole su haɗa layin kafin su tafi, ba a barin waya a yashe a titi. Mudi ya ce to a bar shi ya ɗauke injin ya mayar Maikunkele yanzun nan. Ta ce ba mai taɓa shi. Ta san ba hankali a ciki, waya tana hannunta, amma ta kasa tashi.

Aka kira azahar. Malam Sanda ya yi kuskure a tsakiya ya sake. Labari ya kai masa ke nan. Rahmatu ta ji haushinsa ya taso mata har wuya, sai kuma ya koma, domin in za a jera masu laifi ita ma tana cikin layin. Inuwar shagon ta matso ta rufe ƙafafunta. Matan suka gaji suka ragu, saura biyu. Duk motar da ta wuce a babban titi sai ta bi ƙarar da kunne har ta wuce.

Wajen ƙarfe uku ta ga mutum ya shawo kwanar masallaci. A ƙafa yake, shi kaɗai, yana tafiya a hankali kamar mai ciwon baya. Kakinsa ya yi baƙi da gumi da ƙasa. Ta dubi hannuwansa, biyu. Ta dubi kafaɗarsa, rigar ba ta ƙone ba.

"Alhamdu lillahi," ta ce. Ya fito da ƙarfi, da kuka a ciki. "Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi."

Ndanusa ya tsaya a gabanta. Bai dubi Mudi ba, wanda ya miƙe tsaye. Ya dubi injin da take zaune a kai, da wayar da ta naɗe har ta yi mata shaida a hannu, da ƙunar damtsenta.

"Ya sake tashi kana sama," ta ce. "Na ji. Ban kai da wuri ba."

"Na sani. Na ji wayar tana tsuwa a gefen kunnena. Na sunkuya na rungume falwaya har ta daina." Ya share gumi. "Ni ba abin da ya same ni."

Yadda ya ce "ni" ɗin ne ya katse mata hamdalar. Ta jira.

"Tun a mota," in ji shi. "Likita ya ce Jonah ya rasu tun kafin mu isa."

Matan nan biyu suka ɗauki salati. Mudi ya zame ya zauna a ƙasa. Rahmatu ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, domin ko a lokacin, can ƙasan zuciyarta, murnar ba ta mutu ba, kuma ta san ya gani a fuskarta.

"Falwayar nan tawa ce," in ji Ndanusa. Idonsa na kan ƙasa. "Shi ya hau ta farko, ni ke da ta biyu. Na sa ƙafa a tsani ya janye ni. Ya ce rana ta yi zafi, ina azumi, kada jiri ya ɗebe ni a sama. Ya ce in riƙe masa tsani kawai."

Ya miƙa hannu ya kwance wayar daga hannunta a hankali, zagaye bayan zagaye, ya naɗe ta ya sa a aljihu. Sannan ya kama ta ya tayar.

"Charles ya tafi ofis ya kai rahoto," ya ce. "Ya ce za su aika wani Tudun Fulani da takarda. Na ce a'a, ba da takarda ba." Ya dube ta. "Gyara mayafinki, Rahmatu. Margaret ba ta sani ba tukuna. Ba zan iya shiga gidan nan ni kaɗai ba."

Ta gyara mayafin, ta zura silifar da ba tata ba, suka kama hanyar bakin titi neman tasi.